Idon Mai Gadi a Wasan Kwamfuta: Nasiha ga Masu Koyon Lissafin Gani

A wasannin kwamfuta irin na sanɗa, inda ɗan wasa yake lallaɓawa ya wuce ba tare da an gan shi ba, abokin gaba ba ya ganin duk abin da ke kewaye da shi. Yana da fagen gani mai siffar mazurari, tsukakke a wurin idonsa, yana buɗewa yayin da yake nisa, kamar hasken tocila a cikin duhu. Wanda ya shiga cikin mazurarin an gan shi, wanda ya bi ta gefe ko ta baya ya tsira. A wasan Metal Gear na farko, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1987, masu gadi suna gani ne a miƙe kawai, layi ɗaya a gabansu. A 1998 Metal Gear Solid ya riƙa nuna mazurarin ganin kowane soja a kan wata ƙaramar taswira a kusurwar allo, kuma a wannan shekarar Commandos, na kamfanin Pyro Studios da ke Sifaniya, ya zana shi da koren launi a kan filin wasan kansa. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan abu bai wuce layi huɗu ko biyar ba. Amma 'ya'yanmu masu koyon haɗa wasanni sukan kwafo layukan nan ba tare da sun san abin da kowace lamba take nufi ba, sai mai gadinsu ya zama makaho a gaba, mai ido a ƙeya. Kurakuran kuwa kusan iri ɗaya ne daga wannan yaro zuwa wancan, kuma kowanne yana da alamar da ake gane shi da ita.

Tushen aikin shi ne bekta. Bekta kibiya ce da aka rubuta da lambobi, tana da inda ta dosa, tana da tsawo. A fili mai shimfiɗa ana rubuta ta da lambobi biyu, (x, y): ta farko tana faɗin tafiyar da aka yi gabas ko yamma, ta biyu arewa ko kudu. Tambayar gani tana buƙatar kibiyoyi biyu kacal. Ta farko ita ce inda mai gadi ya fuskanta, a kira ta f. Ta biyu ita ce kibiyar da ta tashi daga mai gadi ta nufi ɗan wasa, a kira ta d, kuma ana samunta ne ta hanyar cire wurin mai gadi daga wurin ɗan wasa. Idan kusurwar da ke tsakanin f da d ƙarama ce, ɗan wasa yana gaban mai gadi. Idan ta yi girma, yana gefe ko baya. Duk sauran bayani hanya ce ta auna wannan kusurwa cikin sauƙi.

Tun a nan wasu suke tuntuɓe. Cirewar tana da tsari: inda za a je a cire inda ake. Wanda ya juya ta, ya cire wurin ɗan wasa daga na mai gadi, ya sami kibiya mai tsawo daidai amma tana kallon baya. Sakamakon a bayyane yake a kan allo, domin ɗan wasa zai tsaya gaban mai gadi ido da ido ba a kula shi ba, yana zagayawa bayansa sai ƙararrawa ta tashi. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar binciken komai sai wannan layi guda.

Abin da ake auna kusurwar da shi ana kiransa dot furodak, kuma a injinan wasa sunansa `dot`. Yinsa ba wuya: a ninka lambar farko ta wannan kibiya da ta farkon waccan, a ninka ta biyu da ta biyu, a haɗa.

```
f · d = fx*dx + fy*dy
f · d = |f| * |d| * cos(θ)
```

Layi na biyu shi ne dalilin amfaninsa. Wannan lamba ɗaya da aka samu daidai take da tsawon f sau tsawon d sau kosayin na kusurwar da ke tsakaninsu. Saboda haka idan aka mayar da tsawon kowace kibiya ya zama 1 cif, ba a taɓa inda ta dosa ba, abin da ya rage kosayin ne zalla. Kosayin kuwa yana 1 idan kibiyoyin sun dosa wuri ɗaya, yana saukowa zuwa 0 a digiri 90, sannan ya kai −1 idan sun ba juna baya. Ke nan babbar lamba tana nufin ƙaramar kusurwa. Wannan juyi ya kamata ya zauna a kan mai koyo tun da wuri, don shi ya sa sharaɗin gani yake cewa dot ya fi wani ma'auni, ba ya gaza shi ba.

Ga misali da lambobi. Mai gadi yana tsaye a (2, 3), ya fuskanci gabas, wato f = (1, 0). Faɗin ganinsa digiri 90 ne, nisan ganinsa mita 10. Tunda f tana bin tsakiyar mazurarin, digiri 45 ne a dama, 45 a hagu, kuma ma'aunin da za a gwada da shi shi ne kosayin na 45, wato kusan 0.707.

Ɗan wasa ya tsaya a (8, 5). Kibiyar d ita ce (8 − 2, 5 − 3), wato (6, 2). Tsawonta shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 36 da 4, wato 40, kuma wannan kusan 6.32 ne. Bai wuce mita 10 ba, saboda haka nisa bai fitar da shi ba. A raba kowace lamba da 6.32, sai a sami (0.949, 0.316). Dot ɗinta da (1, 0) shi ne 0.949. Ya fi 0.707, an gan shi. Kusurwar kanta wajen digiri 18 ce, amma ba a buƙaci sanin ta ba kafin a yanke hukunci.

Yanzu ya koma (4, 8). Kibiyar ta zama (2, 5), tsawonta kusan 5.39. Ya fi kusa da mai gadi a kan dā, amma dot ya zama 2 a raba da 5.39, wato 0.371. Bai kai 0.707 ba, domin yana can gefe a wajen digiri 68. Mai gadi bai gan shi ba. Idan kuma mai gadin ya waiwaya arewa maso gabas, f ta zama (0.6, 0.8), wadda tsawonta 1 ne, sai lissafi ya sake: 0.6 sau 2 da 0.8 sau 5 sun ba da 5.2, a raba da tsawon d a sami kusan 0.966. Yanzu ɗan wasa yana kusan tsakiyar idonsa, digiri 15 kawai daga f. Yana da kyau matashi ya yi irin wannan lissafi sau ɗaya da fensir a kan takarda mai gida-gida kafin ya rubuta shi a kwamfuta, ya zana mai gadin, ya zana kibiyoyin, ya ga lambar ta dace da abin da idonsa ya nuna masa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi haka, duk ranar da wasansa ya ba da wata lamba baƙuwa, yana da abin da zai gwada ta da shi.

A injin Godot, fitowa ta 4, aikin gaba ɗaya ga shi:

```gdscript
func yana_gani(wurin_dan_wasa: Vector2) -> bool:
    var d = wurin_dan_wasa - global_position
    if d.length() > nisa:
        return false
    var f = Vector2.RIGHT.rotated(global_rotation)
    return f.dot(d.normalized()) >= cos(deg_to_rad(fadi / 2.0))
```

Layin ƙarshe yana ɗauke da abubuwa uku da ake yawan mantawa: `normalized()`, raba faɗi biyu, da `deg_to_rad`. Kowanne in ya ɓace, wasa ba zai tsaya ba, ba kuma zai nuna saƙon kuskure ba. Zai ci gaba da tafiya da ido marar kyau, wannan ne ya sa suke da wuyar kamawa.

Mafi yawa shi ne mantawa da mayar da tsawon d zuwa 1. A koma ga ɗan wasan da ke (4, 8). In ba a raba da tsawo ba, dot na (1, 0) da (2, 5) shi ne 2, kuma 2 ya fi 0.707, don haka za a ce an gan shi alhali yana gefe. Abin bai tsaya nan ba. A ce ɗan wasa ya matso dab da hancin mai gadi, a (2.5, 3), rabin mita a gabansa sak. Kibiyar ita ce (0.5, 0), dot ya ba da 0.5, bai kai ma'auni ba, sai a ce ba a gan shi ba. Abin da ya faru shi ne mazurari ya ɓace gaba ɗaya. Sharaɗin ya koma tambayar ko ɗan wasa ya wuce wani layi miƙaƙƙe da ke santimita 71 a gaban mai gadi, kuma duk wanda ya wuce wannan layi, komai gefensa, ana ganinsa. Alamar ciwon ke nan: mai gadi yana hango na nesa ko da suna can gefe, amma na kusa da shi ya fi kowa tsira. Matasa da yawa in sun ga haka sai su shiga ƙara ma'aunin, daga 0.7 zuwa 2, zuwa 5, suna neman lambar da za ta gyara. Babu irin wannan lamba, domin ƙara ta matsar da layin gaba kawai take yi. Hanya mafi sauri ta tabbatarwa ita ce a buga dot ɗin a allo ana kallo: in ya taɓa wuce 1 ko ya gangara ƙasa da −1, ɗaya daga kibiyoyin ba ta da tsawo 1.

Ita ma f ba a cika duba ta ba. A Unity, `transform.forward` kullum tsawonta 1 ne. Amma a Godot, wanda ya ɗauko fuskar daga `global_transform.basis` na jikin da aka ƙara wa girma ko aka rage, kibiyar tana zuwa da wannan girman a jikinta, sai mai gadin da aka ninka girmansa biyu ya sami ido mai faɗi fiye da na 'yan'uwansa ba tare da kowa ya nufa ba. Wasu kuma sukan ɗauki saurin tafiyar mai gadi a matsayin inda ya fuskanta. Yana aiki muddin yana tafiya. Da ya tsaya, saurin ya zama (0, 0), dot ya zama sifili ko ina ɗan wasa yake, mai gadi ya makance daidai lokacin da yake tsaye a bakin ƙofa yana gadin. Maganin shi ne a ajiye fuskar a wurinta daban, a riƙa sabunta ta kawai lokacin da yake motsi ko waiwaye.

Sannan kowane inji yana da nasa gaban. A Unity gaba shi ne z mai ƙaruwa. A Godot mai fuska uku, kamara tana kallon z mai raguwa, shi ya sa ake yawan ganin `-global_transform.basis.z` da alamar cirewa a gabanta. A Unreal gaba shi ne x, sama kuma z. Wanda ya ɗauko layi daga darasin wani inji ya dasa a wani, ko ya shigo da surar mutum da aka ƙera tana kallon wani ɓangare, zai ga mai gadi yana gani ta kafaɗa ko ta ƙeya. Wannan ba laifin lissafi ba ne, kibiyar f ce ba ta dace da fuskar da ake gani a allo ba.

Kuskure na gaba shi ne na rabin kusurwa. Mai tsara wasa yana cewa faɗin gani digiri 90, yana nufin daga wannan gefe zuwa wancan. Dot kuwa daga tsakiya yake aunawa. Wanda ya saka 90 kai tsaye ya sami kosayin 0, wato mai gadi mai ganin digiri 180, duk rabin duniyar da ke gabansa. Wanda ya saka 120 yana nufin 60 a kowane gefe ya sami −0.5, ido mai digiri 240 wanda ke leƙawa har bayan kafaɗa. Ya kamata sunan da aka ba lambar ya faɗi wace ce, cikakken faɗi ko rabi, don wanda zai zo gyara daga baya kada ya yi canke. Ko a Unreal, kusurwar da tsarin gani na injin yake tambaya, `PeripheralVisionAngleDegrees`, rabi ce, ana auna ta daga tsakiya.

Na radiyan ya fi wannan wayo. Aikin `cos` a Godot, da `Mathf.Cos` a Unity, ba sa karɓar digiri, radiyan suke karɓa, inda digiri 180 yake daidai da kusan 3.14. Wanda ya rubuta `cos(45)` bai sami 0.707 ba, ya sami 0.525, wanda yake kosayin na wajen digiri 58. Mazurarinsa ya zama digiri 117 maimakon 90. Matsalar ita ce wannan ya yi kama da daidai. Mai gadi yana gani a gaba, ba ya gani a baya, yaro ya gamsu ya wuce. Sai bayan makonni ya so ya ƙara faɗin, ya canza 45 zuwa 60, sai `cos(60)` ya ba da −0.952, mai gadi ya koma ganin kusan ko'ina. Ya rage zuwa 30 don ya tsuke ido, sai ya sami 0.154, idon ya ƙara buɗewa zuwa digiri 81 a kowane gefe. Duk lokacin da rage kusurwa ya faɗaɗa gani, ko ƙaramin canji ya kawo babban sauyi ba tsari, radiyan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga tun ranar farko take nan, sa'a ce kawai ta rufe ta.

Akwai kuma masu rubuta ma'aunin da ka, su ce 0.5 shi ne rabin hanya, don haka digiri 45 ne. Kosayin ba ya sauka da taki ɗaya. 0.5 digiri 60 ne, 0.9 wajen 26, 0.99 wajen 8. Gara a bar wa mai tsara wasa lambar digiri ya riƙa juyawa, injin ya lissafa kosayin sau ɗaya lokacin da aka ƙirƙiri mai gadin, ya ajiye. Wasu sun fi son su mayar da dot zuwa kusurwa da `acos` su gwada digiri da digiri. Ba haramun ba ne, kuma ya fi sauƙin karantawa. Sai dai lambobin kwamfuta suna da 'yar ɓaraka, dot yana iya fitowa 1.0000001 lokacin da ɗan wasa ke tsakiyar ido sak, kuma `acos` a harsuna da yawa yakan mayar da `NaN` ga duk abin da ya wuce 1. Gwaji da `NaN` kullum ƙarya yake bayarwa, sai mai gadi ya kasa ganin wanda ke gabansa daidai. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya tsare lambar tsakanin −1 da 1 tukuna, ko ya yi amfani da abin da injin ya tanada, kamar `Vector3.Angle` a Unity.

Idan aka tashi daga fili mai shimfiɗa zuwa wasa mai fuska uku, lissafin bai canza ba sai ƙarin lamba ta uku a cikin haɗin. Amma tsayi yana shigo da matsalarsa. An saba aza wurin jikin ɗan wasa a tafin ƙafarsa, idon mai gadi kuma a ce yana mita 1.7 daga ƙasa. Ɗan wasa ya tsaya mita ɗaya a gabansa. Kibiyar daga ido zuwa ƙafa ta yi gaba mita 1, ta yi ƙasa mita 1.7. Tsawonta 1.97, dot ya zama 0.507, wato kusan digiri 60 ƙasa da layin ido. Ya fita daga mazurari mai 45. Mutum yana tsaye yana shaƙar numfashin mai gadi, lissafi ya ce babu kowa, domin ƙafarsa aka tambaya. Wannan ya yi kama da ciwon rashin `normalized()`, tunda duka biyun na kusa ne ke ɓacewa, amma a nan na nesa da ke gefe ba a ganinsu, kuma dot bai taɓa wuce 1 ba. Gyara mafi sauƙi shi ne a nufi ƙirjin ɗan wasa ko kansa. Ɗaya gyaran shi ne a share tsayi daga kibiyoyin biyu kafin a mayar da tsawonsu 1, a auna kusurwar a kan shimfiɗa kawai. Wannan na biyu yana da kuɗinsa: mai gadi zai riƙa ganin wanda ke can saman bene ko a ramin da ke ƙasa, muddin yana ta gabansa, sai an ƙara masa sharaɗin bambancin tsayi daban. A wasan da ake hawa rufi ana ratayewa, raba gwajin gida biyu ya fi dacewa, faɗi mai yalwa a dama da hagu, tsukakke a sama da ƙasa, don ɗan wasa ya sami ladan hawan da ya yi.

Abu ɗaya da dot ba zai taɓa sani ba shi ne bango. Bai san komai ba sai wurare biyu da fuska ɗaya. Ɗan wasa yana iya kasancewa a tsakiyar mazurari, mita uku, da katangar siminti a tsakani, lissafi ya ce an gan shi. Don haka akwai gwaji na uku: a harba layi daga idon mai gadi zuwa ɗan wasa, a tambayi injin abin da layin ya fara cin karo da shi. A Unity wannan shi ne `Physics.Raycast` ko `Physics.Linecast`, a Godot `RayCast3D` ko `intersect_ray`. In ɗan wasa ne, an gan shi. In akwati ne ko bango, ya ɓuya. Jerin gwaje-gwajen yana da dalili. Nisa da dot ninki ne da haɗi kaɗan, harba layi kuwa yana sa injin ya bincika surorin da ke filin, ya fi su tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake fara da nisa, a bi da kusurwa, a bar layi a ƙarshe ga wanda ya tsallake biyun farko. Da mai gadi uku bambancin ba zai fito ba. Da hamsin, a kan waya mai ƙaramin ƙarfi, zai fito.

Shi ma layin yana da tarkonsa. Yana tashi ne daga cikin jikin mai gadi, kuma yana iya cin karo da kwalkwalinsa ko bindigarsa kafin ya je ko'ina, sai a ce kullum akwai shamaki. Dole a cire jikin mai gadin daga abubuwan da layin zai kula, ta hanyar `exclude` a Godot ko rukunin `LayerMask` a Unity. Kuma layi ɗaya zuwa wuri ɗaya yana yanke hukunci mai kaushi. In an nufi ƙirji, wanda kansa ya leƙo daga bayan buhu ba a ganinsa. In an nufi kai, wanda duk jikinsa ke fili amma wani siririn ƙarfe ya tare kansa ya ɓuya. Layi biyu ko uku, zuwa kai da ƙirji da ƙugu, sun isa ga yawancin wasanni, kuma mai tsarawa ne zai zaɓa ko guda ɗaya ya wadatar ko sai biyu sun samu.

Bayan duk wannan ya daidaita, sai a iske wata matsala a bakin mazurarin. Ɗan wasa yana tsaye a digiri 45 daidai, mai gadi yana ɗan lilo da kai kamar yadda motsin jikinsa ya tanada. A wannan firam dot 0.708 ne, a na gaba 0.706. Wasan da ke gudu firam 60 a daƙiƙa zai sa mai gadin ya gani, ya manta, ya sake gani, sau da yawa kafin a ƙifta ido, ana jin ƙarar faɗakarwa tana katsewa. Ba a gyara wannan da matsar da ma'auni, domin duk inda aka kai shi akwai baki. Ana gyarawa da ma'auni biyu. Kafin ya lura, sai ɗan wasa ya shigo cikin digiri 45, dot ya fi 0.707. Bayan ya lura, ba zai sake shi ba sai ya fita daga digiri 55, dot ya gaza 0.574. Tazarar digiri goman nan ita ke shanye lilon.

Wasanni da yawa sun wuce nan, ba sa barin gani ya zama i ko a'a. Suna ba mai gadi wata lambar zargi da ke hawa daga 0 zuwa 1 muddin ɗan wasa yana cikin mazurari, tana sauka in ya fita. A nan dot yana da amfani na biyu, tunda yana faɗin yadda mutum yake kusa da tsakiyar ido: 0.966 ya cika zargin da sauri, 0.72 a hankali. Abin kiyayewa shi ne a ninka hawan da lokacin da firam ya ɗauka, `delta` a Godot, `Time.deltaTime` a Unity. In ba haka ba, mai gadin da ke kan kwamfuta mai firam 120 zai ninka na mai 60 saurin ganewa, kuma wasan da ya yi daɗi a hannun mai shi ya zama azaba a hannun abokinsa. Commandos ya bi wata hanyar: ya raba mazurarin gida biyu bisa nisa, a ɓangaren kusa ana ganin soja ko da yana rarrafe, a na nesa sai in yana tsaye. Mazurari biyu ko uku masu faɗi da nisa daban, ana gwada kowanne da wannan lissafi ɗaya, sun fi ƙoƙarin matse komai a cikin ma'auni guda. Ana kuma yawan ƙara 'yar ƙaramar da'ira, mita ɗaya ko ƙasa, wadda a cikinta mai gadi yake jin mutum ko ta ina ya zo. Wannan da'irar tana rufe wata ƙofa ma: in wuraren biyu suka haɗu cif, d ta zama sifili, babu tsawon da za a raba da shi, kuma wanda ya rubuta rabawar da hannunsa zai sami `NaN`. Sai dai in wasan ya yarda a lallaɓo ta baya a kama mai gadi, dole da'irar ta gaza tsawon hannun ɗan wasa, ko a kashe ta lokacin da yake sanɗa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan aiki maganar a zahiri take. Kusan duk kurakuran da aka ambata suna bayyana nan take idan aka zana abin da mai gadi yake gani. A juya f da rabin kusurwa zuwa dama a ja layi mai tsawon nisan gani, a juya ta hagu a ja wani, sannan a ja na uku zuwa ɗan wasa, kore in an gan shi, ja in ba a gani ba. `Debug.DrawRay` a Unity da `draw_line` a Godot sun isa. Daga nan sai a zagaya da ɗan wasa kewayen mai gadin sau biyu, sau ɗaya a mita ɗaya, sau ɗaya a mita takwas. Launi ya kamata ya canza daidai kan layukan gefe a duka zagayen biyu. In ya canza a wuri daban tsakanin na kusa da na nesa, matsalar tsawo ce ko ta tsayi. In ya canza a wuri ɗaya amma ba kan layin ba, rabin kusurwa ne ko radiyan. In mazurarin da aka zana kansa bai bi hancin mai gadi ba, f ce ta karkace. In launi bai taɓa zama kore ba ko ina aka tsaya, a kashe gwajin bango na ɗan lokaci a sake zagayawa, domin galibi layin ne yake cin karo da jikin wanda ya harba shi.